Yadda ake auna tazarar maimaici da finesi, a raba layukan haske da etalon na Fabry-Perot

Etalon madubai biyu ne masu fuskantar juna, daidai-wa-daida, da ɗan fili a tsakaninsu. Haske ya shiga sai ya yi ta kai-komo tsakanin madubin nan da wancan, kowane zuwa wani ɓangare na ficewa, kuma abin da ya fice yana haɗuwa ya zama siraran zobba masu haske a kan baƙin fili. Charles Fabry da Alfred Perot ne suka fito da na'urar a Faransa a 1899. A nan za mu bi aiki guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe: mu ɗauki jan layin fitilar kadmiyom mai tsawon zango nanomita 643.8, mu sa fitilar cikin maganaɗisu har layin ya rabu uku, sannan mu auna rabuwar. Wannan rabuwa ita ce tasirin Zeeman, wanda Pieter Zeeman ya gano a 1896. Girmanta bai wuce ɗaya bisa ɗari na nanomita ba, furizim ba zai nuna maka ita ba, etalon kuwa zai nuna, in ka zaɓi wanda ya dace.

Kayan aiki

- Etalon mai iska a tsakani, faɗin filinsa milimita 3, madubansa suna mayar da kashi 90 cikin 100 na haske. A samu mai notunan saiti uku.
- Fitilar kadmiyom da na'urar da ke ba ta wuta.
- Maganaɗisun lantarki mai kai wa rabin tesla, da ma'aunin ƙarfin maganaɗisu.
- Jar filta mai barin layin 643.8 kaɗai ya wuce. Fitilar tana da wasu layuka masu ƙarfi a 508.6 da 480.0 da 467.8, kowannensu zai yi nasa zobban in ba a tare shi ba.
- Lens biyu: ɗaya na tara haske kusa da fitila, ɗaya bayan etalon mai nisan fokas milimita 200.
- Kyamara da aka cire wa lens ɗinta, wadda za a iya kashe mata gyaran haske na kanta.
- Folaraiza, da ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa.

Idan babu maganaɗisun lantarki, maganaɗisu biyu masu ƙarfi na dindindin za su yi, sai dai ba za ka iya ɗaga ƙarfin a hankali ba, kuma za ka ga amfanin hakan a mataki na 6. Idan babu kyamara, gilashin leƙe mai ma'aunin maikuromita ya isa, da shi aka yi ta wannan aiki shekaru da yawa. Idan fitilar kadmiyom ce babu, za ka iya yin matakai na 2 zuwa na 5 da lesa ta hiliyom da niyon mai 632.8, bayan ka watsa haskenta da gilashi mai dushi-dushi. Kada ka taɓa leƙa lesa kai tsaye ta cikin etalon. Ita ma fitilar kadmiyom tana zafi sosai, tana fitar da hasken da ke cutar da ido, kuma ƙarfen da ke cikinta guba ne in ta fashe.

1. Yi lissafi kafin ka kunna komai

Haske yana wucewa ta etalon ne idan tafiyarsa ta zuwa da dawowa ta yi daidai da cikakken adadin zanguna:

```
2 n d cos θ = m λ
```

A nan d faɗin fili ne, n ma'aunin karkata haske na abin da ke cikin filin (na iska kusan 1 ne), θ kusurwar da hasken ya bi, λ tsawon zango, m kuma lambar oda, wato cikakken adadin zangunan. A tsakiyar zobba, m ya kai 2d/λ, wato kimanin 9,320 a namu etalon.

Abu na farko da wannan ke haifarwa shi ne na'urar tana maimaita kanta. Idan ka ƙara firikwensin haske kaɗan-kaɗan, zobe zai yi ta faɗi har ya isa inda maƙwabcinsa yake a da, daga nan hoton ya koma kamar ba a taɓa komai ba. Yawan ƙarin da ya kawo haka shi ne tazarar maimaici, wadda ake rubutawa FSR a lissafi:

```
FSR = c / (2 n d)
```

A nan c gudun haske ne. Da d na milimita 3, amsar gigahaz 50 ce, daidai da nanomita 0.069 a wannan jan layi. Etalon kamar fuskar agogo yake, ƙarfe 13 da ƙarfe 1 wuri ɗaya hannu ke nunawa. Layukan sodiyom biyu masu ruwan ɗorawa, 589.0 da 589.6, suna da tazarar kimanin gigahaz 516 a tsakaninsu. A etalon ɗinmu sun zagaya sau 10 har da ɗan ƙari, don haka za ka gan su kamar gigahaz 16 kawai ke tsakaninsu, kuma babu abin da zai nuna maka a hoton cewa an ruɗe ka.

Abu na biyu shi ne kaurin zoben. Finesi, wato F, shi ne sau nawa kaurin zobe ɗaya zai shiga cikin tazarar maimaici. Idan madubai ba su da aibi, ƙarfin mayar da haskensu R ne kaɗai ke yanke shi:

```
F = π √R / (1 − R)
```

R na 0.90 yana ba da kusan 30, na 0.95 yana ba da 61. Mafi ƙanƙantar tazarar da za ka iya rabawa ita ce FSR/F.

Yanzu haɗa su da abin da kake nema. Maganaɗisu yana ture layukan gefe biyu da gigahaz 14 a kowace tesla, don haka a rabin tesla za a sami layi ɗaya a tsakiya, ɗaya gigahaz 7 sama, ɗaya 7 ƙasa. Sharuɗɗa biyu ne. Dukkan ukun, masu faɗin gigahaz 14, dole su zauna cikin tazarar maimaici da sauran fili, kuma 50 ta wadatar. Sannan FSR/F dole ya gaza 7 sosai, wato finesi ya wuce 7. Ni ba na yarda da ƙasa da ninki biyu na abin da lissafi ya ce, domin layukan da suka rabu da ƙyar ana iya ganinsu amma ba a iya auna su da kyau.

Kuskuren da ya fi kama masu farawa shi ne ɗaukar etalon mafi faɗi da ke cikin akwati, da tunanin ya fi kaifi. Ya fi kaifi kam. Amma da milimita 10, tazarar maimaici gigahaz 15 ce kacal: layin sama na wata oda yana kan 7, layin ƙasa na oda mai bi mata yana kan 8, sai su manne su zama zobe ɗaya, ka ƙirga biyu a inda uku suke. Da rabin milimita kuma tazarar 300 ce, kaurin zobe ya wuce gigahaz 10 ko da madubai marasa aibi, duka ukun su nutse a ciki. Faɗin fili ba ya ƙara finesi, yana dai sayen kaifi da tazara.

2. Jera kayan

Fitila tsakanin bakunan maganaɗisu, ana kallonta ta gefe, wato layin kallo ya gitta layin maganaɗisu. Daga nan lens na farko, jar filta, ƙofar haske, etalon, lens na biyu, kyamara. Kunna fitila ka bar ta kamar minti goma, sai kadmiyom ya zama tururi jan layin ke yin ƙarfi. Maganaɗisu a kashe tukuna.

Ba a son haske ya shiga etalon a miƙe sak gaba ɗaya. Kowane zobe wata kusurwa ce, in babu kusurwoyi dabam-dabam babu zobba. Matsa lens na farko har ka ga fuskar etalon ta cika da haske ko'ina daidai.

3. Daidaita madubai

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Cire lens na biyu da kyamara, ka leƙa etalon da ido kana kallon nesa. In madubai sun yi nisa da saiti, za ka ga hoton fitila ya jeru da yawa kamar sarƙa. Murɗa notuna har jerin ya haɗe wuri ɗaya, zobba za su bayyana.

Bayan sun bayyana, kai idonka dama da hagu a hankali kana kallon zoben tsakiya. Idan ya buɗe yayin da ka nufi dama, filin ya fi faɗi a dama, sai ka matse notin wannan ɓangare kaɗan. Idan ya tsuke, filin ya fi ƙunci a can. Maimaita sama da ƙasa. Saiti ya yi idan zobban suna bin idonka ba tare da sun canza girma ba. Kaɗan ɗin da nake nufi kaɗan ne ƙwarai: canjin rabin zango a faɗin fili, wato maikuromita 0.32, yana haifar da cikakken zobe sabo daga tsakiya. A ƙarshen saiti ba murɗa noti ake yi ba, danna shi ake yi da ɗan yatsa a ga inda zobe ya nufa, sannan a motsa. Bayan kowace taɓawa, ɗauke hannu ka jira, domin ɗumin hannunka ma yana motsa zobba.

Kada ka taɓa fuskar madubi, kada kuma ka matse noti da ƙarfi. Matsi yana lanƙwasa gilashin, kuma lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa ta raba finesi biyu.

4. Ɗauki hoto ka tabbatar da faɗin fili

Mayar da lens na biyu, ka sa fuskar kyamara a daidai nisan fokas ɗinsa. Zobban suna can nesa marar iyaka, don haka hanya mai sauƙi ita ce ka saita lens da kyamara a kan wani abu mai nisa sosai kafin ka dawo da su bayan etalon. Kashe duk gyaran da kyamara ke yi da kanta, ka ajiye ɗanyen hoto. Zaɓi lokacin ɗauka da zai sa zobe mafi haske ya tsaya ƙasa da iyakar kyamara. Zoben da ya cika har ya toshe kansa a yanke yake, kaurinsa zai fito ya fi na gaskiya.

Ja layi ta tsakiyar zobba ka auna diyamitar kowanne. Diyamita ake aunawa, daga gefe zuwa gefe, saboda kuskuren gano tsakiya ya soke kansa. Da kayan da muka lissafa, adadi irin waɗannan za ka samu, a milimita:

```
D1 = 3.71    D1² = 13.76
D2 = 6.93    D2² = 48.02
D3 = 9.08    D3² = 82.45
D4 = 10.80   D4² = 116.64
```

Zobba suna matsowa kusa da juna yayin da ake fita waje, shi ya sa diyamita ita kaɗai ba ta da amfani. Amma idan ka ninka kowace da kanta, tazarar ta zama ɗaya: 34.26, 34.43, 34.19, matsakaici 34.3. Kira wannan adadi Δ. Shi ne tazarar maimaici guda, gigahaz 50, a ma'aunin hotonka, kuma duk sauran awo da shi za a raba. Yana kuma ba ka damar bincikar etalon, inda f nisan fokas na lens na biyu ne:

```
d = 4 f² λ / Δ = 103.0 / 34.3 = 3.00 mm
```

Idan tazarar tana ƙaruwa ko raguwa a kai a kai daga ciki zuwa waje, ko dai layinka bai bi ta tsakiya ba, ko lens na karkatar da hoto a gefuna, sai ka tsaya kan zobba uku ko huɗu na ciki. Idan tazarar tana tsalle, ɗaya babba ɗaya ƙarama, wani layin haske ne ya ratso filta. Idan d ya kauce wa abin da aka rubuta da kashi biyu ko uku cikin ɗari, fara zargin f, domin ninkinsa ne ke shiga lissafi, kuskurensa yana ninkuwa biyu.

Mai aiki da etalon na dunƙulen gilashi, wanda ba ya buƙatar mataki na 3, ya sa n a lissafi: FSR ya zama c/(2nd), Δ kuma ya zama 4f²nλ/d. Na kwaz, n kusan 1.457 ne a wannan layi.

5. Auna finesi na gaskiya

Ɗauki zobe na biyu. Cire hasken bango, wato matakin duhun da ke tsakanin zobba, ka nemo wurare biyu inda haske ya sauka zuwa rabin ƙololuwarsa, ciki da waje. A ce diyamitocin sun fito 6.86 da 7.00. Ninkinsu 47.06 da 49.00, bambanci 1.94. Finesi shi ne 34.3 a raba da 1.94, kusan 18. Kaurin zobe ke nan gigahaz 2.8, ko nanomita 0.0039, ƙarfin rabawa kuma, λ a raba da wannan, kimanin 165,000.

Lissafi ya ce 30, awo ya ce 18, kuma babu abin da ya lalace. Madubi ba ya taɓa zama shimfiɗaɗɗe sarai. Idan faɗin fili yana kaucewa da λ/50 daga wuri zuwa wuri, kowane yanki na yin zobensa a ɗan wani wuri dabam, kuma wannan kaɗai ya kafa wa finesi iyakar kusan 25, rabin hamsin. Ana haɗa su a ƙiyasce kamar haka:

```
1/F² = 1/30² + 1/25²   →   F ≈ 19
```

Ragowar daga fitilar take. Ƙwayoyin kadmiyom suna gudu saboda zafi, tasirin Doppler na faɗaɗa layin da kimanin gigahaz 0.7 idan tururin na kan kelbin 500. Don haka abin da ka auna kaurin na'ura ne haɗe da kaurin layi, finesin etalon kansa ya ɗan fi haka. Wannan ma shi ya sa ban ga amfanin neman madubai masu kashi 99 ga irin wannan aiki ba. A takarda suna ba da sama da 300, a kan tebur rashin shimfiɗuwa zai tsayar da kai a 25, kuma hasken da ke wucewa zai ragu.

Idan finesi ya fito ƙasa da 10, bi abubuwan da ke iya jawo haka ɗaya bayan ɗaya. Tsuke ƙofar haske zuwa milimita kaɗan a tsakiyar etalon. In zobba sun sirance nan take, matsalar saiti ce ko lanƙwasa, koma mataki na 3. In ba su canza ba, matsa kyamara gaba da baya, wataƙila fokas ne. In zobe siriri ne a gefe ɗaya, mai kauri a ɗayan, kyamarar ce ta karkace. Duba kuma yawan fiksel: kaurin zoben nan a kan kyamara milimita 0.07 ne, da fiksel na maikuromita 5 kana da 14 a ciki, ya isa. In bai kai biyar ba, kyamararka kake aunawa, sai ka sa lens mai dogon fokas.

6. Kunna maganaɗisu ka raba layin

Fara daga sifiri, ka ɗaga wuta sannu a hankali idonka na kan zobe na biyu. Zai fara kauri, sai ya tsage uku: ɗaya ya tsaya inda yake, ɗaya ya fita waje, ɗaya ya shiga ciki. Na wajen shi ne mai firikwensi mafi girma. Amfanin ɗagawa a hankali shi ne kana ganin daga wace oda kowane zobe ya taso. A tesla 1.2 turawar ta kai sulusin tazarar maimaici, zobba duka su jeru da tazara ɗaya, ba ka iya cewa wane na wane ne. A 1.8 na waje na wata oda ya hau kan na ciki na maƙwabciyarta. Wanda ya tarar da hoton haka bai ga yadda ya faro ba, zai iya karanta shi ta hanyoyi da yawa.

Mai maganaɗisun dindindin zai iya matso da su daga nesa zuwa kusa da fitila, ya sami abu makamancin haka. A kula da yatsu da gilashin fitila, suna fizgar juna da ƙarfi.

Kafin awo, sa folaraiza ka juya ta. Idan ta yi daidai da layin maganaɗisu, zoben tsakiya ne kaɗai zai rage. Juya ta digiri 90, na tsakiya ya ɓace, na gefe biyu su tsaya. Wannan ne shaidar cewa rabuwar ta Zeeman ce, hoton bogi daga bayan gilashi ba ya yin haka. Yana kuma taimakon wanda finesinsa ya yi ƙasa: da an kawar da na tsakiya, tazarar da za a raba ta zama gigahaz 14 maimakon 7.

Tsaya a rabin tesla ka ɗauki hoto. A ce zobe na biyu ya ba da 6.57 da 6.93 da 7.27. Ninkin na ciki 43.16, na waje 52.85. Rabin bambancinsu, δ, ya zama 4.84, daga shi kuma ake samun Δν, wato turawar layi a gigahaz.

```
Δν = (δ / Δ) × FSR = (4.84 / 34.3) × 50 = 7.06 GHz
```

Raba 7.06 da 14.0, ka sami tesla 0.504, sai ka gwada da abin da ma'auninka ya nuna. Lura cewa nisan fokas bai shiga wannan lissafi ba, girman fiksel ma haka, domin δ da Δ daga hoto ɗaya suka fito. Kana iya yin komai da fiksel ba tare da ka juya zuwa milimita ba, faɗin fili kawai kake buƙatar sani da kyau.

Ɗauki Δ daga zobban tsakiya na wannan hoton, kada ka ɗauko na hoton da ka yi awa ɗaya da ta wuce. Idan abin da ya raba madubai alminiyom ne, digiri ɗaya na ɗumi yana ƙara filin da maikuromita 0.07, wanda ke ture zobba da kusan ɗaya bisa biyar na tazarar maimaici, ya fi rabuwar da kake nema. Maganaɗisun lantarki kuwa yana ɗumi a kusa da etalon. Shi ya sa ake yin masu kyau da kwaz ko inba, wani ƙarfe da ɗumi ba ya faɗaɗa shi sosai, kuma shi ya sa ba a kwatanta matsayin zobe tsakanin hotuna biyu.

Maimaita lissafin a zobe na uku da na huɗu, δ ya kamata ya fito ɗaya. Sannan ka ɗauki hotuna a ƙarfi huɗu ko biyar, daga 0.3 zuwa inda maganaɗisunka ya tsaya, ka zana Δν a kan ƙarfin maganaɗisu. Layi ne miƙaƙƙe da ya ratsa ta sifiri, gangarensa kusa da gigahaz 14 a kowace tesla. Idan ya miƙe amma gangaren ya kauce da kashi biyar ko goma, kusan kullum awon maganaɗisu ne: ka auna a wani wuri, tururin da ke haske yana wani wuri. Bari fitila ta huce, cire ta, ka sa bakin ma'auni daidai inda tsakiyarta take, fuskarsa tana kallon bakin maganaɗisu sak, ka sake karanta kowane ƙarfi a kan wutar da ka yi amfani da ita.